Wasiƙar malamin magunguna ga masu shiga jarrabawar baka

A ƙarshen karatun harhaɗa magunguna a jami'a akwai jarrabawar da ba a shiga da biro. Ɗalibi zai zauna gaban malamai biyu ko uku, galibi har da baƙon mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a, su yi ta jefo masa tambaya yana amsawa da baki. Ɗalibai suna tsoronta fiye da ta rubutu, domin a takarda mutum kan tsallake tambayar da ta gagare shi, a nan kuwa babu tsallakewa. Wani malamin famakoloji, wato ilimin yadda magani ke aiki a jikin mutum, ya rubuta wa ɗalibansa na ajin ƙarshe wasiƙa kan yadda za su shirya mata. Abin da ke cikinta ya shafi duk mai sayen magani a kemis, domin waɗannan ɗalibai ne gobe za su tsaya bayan kanta.

Shawararsa ta farko ita ce su daina haddar sunayen magunguna jeri-jeri. A ganinsa, gara ɗalibi ya ɗauki magani ɗaya daga kowane rukuni ya bi shi tun daga bakin majinyaci har fitarsa daga jiki: yadda hanji ke tsotse shi, inda yake aiki, yadda hanta ko ƙoda ke kawar da shi, wanda bai kamata a ba shi ba, da wanda ba a haɗa shi da shi. Mai jarrabawa ba ya tsayawa a amsar farko. Kowace amsa ka ba shi, daga cikinta zai ciro tambaya ta gaba, kuma yawanci tambayar ita ce "me ya sa?"

Misalin da ya yi aiki da shi shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro da kusan kowane gida ya sani, haɗin atimita da lumefantirin. Tambayar buɗe fage mai sauƙi ce: baligi mai nauyin kilo 60 ya zo da zazzaɓin da gwaji ya tabbatar, bai jigata ba, me za ka ba shi? Ɗalibi zai ce ƙwaya huɗu a kowane sha, idan ƙwayar mai miligiram 20 na atimita da 120 na lumefantirin ce, sau shida cikin kwana uku. Sha na biyu bayan awa takwas da na farko, sannan safe da yamma a kwana biyun da suka rage. Wannan kowa zai iya karanta shi a jikin kwali, don haka makinsa kaɗan ne.

Daga nan ake fara tantancewa. Me ya sa aka haɗa magani biyu a ƙwaya ɗaya? Domin atimita yana da saurin aiki, yana karkashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin jini, amma cikin 'yan awoyi ya bar jiki. Lumefantirin kuwa ba ya gaggawa, yana daɗewa kwanaki a jini yana share ragowar. Haɗin nasu kuma yana rage damar da ƙwayar cutar za ta samu ta bijire wa magani, kamar yadda ta bijire wa kulorokwin har Najeriya ta sauya zuwa irin wannan haɗi a 2005. To me ya sa ake cewa a sha shi da abinci mai maiƙo ko madara? Domin lumefantirin a cikin maiƙo yake narkewa, idan ciki ba komai kaɗan ne hanji zai tsotsa. Majinyacin zai ji sauƙi saboda aikin atimita, bayan mako biyu ko uku zazzaɓin ya dawo, a ce magani jabu ne. Ɗalibin da ya kai amsarsa har nan ya nuna ya fahimci maganin, kuma zai iya gaya wa mai jinya ta fara ba yaro nono ko kunun gyaɗa kafin ta ba shi ƙwayar.

Sai mai jarrabawa ya sauya majinyacin. Yanzu yana shan maganin tarin fuka, cikinsu har da rifamfisin. Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Rifamfisin yana zaburar da hanta ta riƙa rushe wasu magunguna da sauri, har da waɗannan biyu, sai adadinsu a jini ya faɗi ƙasa da abin da zai kashe cutar. Wanda ya gane wannan dalili ba ya buƙatar haddace wani jeri, domin da shi zai amsa me ya sa matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa za ta iya ɗaukar ciki idan aka ɗora ta kan rifamfisin.

Idan kuma majinyacin ya suma, ko yana jijjiga, ko yana amai ba ya riƙe komai, zancen ƙwaya ya ƙare. Allurar atesunet za a yi masa, miligiram 2.4 ga kowane kilo na nauyinsa, nan take, da bayan awa 12, da bayan awa 24. Malamin ya ce a yi lissafin a bayyane: kilo 60 sau 2.4 ya ba da miligiram 144. Yaron da bai kai kilo 20 ba kuwa miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo. Ya ja kunnensu kada su faɗi lamba tsirara. "144" kawai ba amsa ba ce sai an ce miligiram, an faɗi ta inda za a ba shi da kuma lokutan.

Akwai tarkon tsohon littafin rubutu da ɗalibai ke gada daga 'yan ajin gaba. Shekaru da dama ana koyar da cewa mai ciki a wata ukun farko kwinin da kilindamaisin ake ba ta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya, ta ce atimita da lumefantirin ne zaɓin farko a wannan lokaci. Ɗalibin da ya faɗi tsohuwar ƙa'ida, ya faɗi sabuwar da shekararta, ya nuna yana bibiyar fagensa.

Sashen wasiƙar da na fi ba muhimmanci shi ne na abin yi idan ba ka san amsa ba. Malamin ya ce kada a ƙirƙiro adadin magani. A rubuce kuskure rasa maki ne kawai, amma a baka malaman suna kallon mutumin da nan da watanni zai miƙa wa uwa magani. Wanda ya ce, "Ranka ya daɗe, ban riƙe adadin yara ba, amma na san da nauyi ake aunawa, kuma zan duba littafin ƙa'ida kafin in bayar," ya fi samun amincewarsu kan wanda ya faɗi lambar ƙarya ba ko ɗar. Ina ganin gaskiyarsa, domin a wurin aiki ba a hana kowa duba littafi.

Game da atisaye, ya ce karatun zuci ba ya shirya harshe. Su haɗu uku-uku: ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa, na uku ya riƙe littafi da agogo. Kowace amsa a bi ta da "me ya sa?" har sai mai amsa ya kakare, kuma daidai inda ya kakare shi ne karatunsa na wannan daren. A ɗakin jarrabawa kuma su saurari tambaya har ƙarshenta, su fara da amsar kai tsaye kafin bayani, kada su ambaci sunan maganin da ba su shirya a tambaye su a kansa ba, domin mai jarrabawa zai kama shi nan take.