Ɓawon Kan Jariri Daban, Kirci Daban

Da hunturun bara wata maƙwabciyata ta shigo da ɗanta ɗan wata uku, ranta a ɓace. Tsakiyar kansa ta yi wani ɓawo mai maiƙo, ruwan ɗorawa, manne da gashi har kan gira. Uwar mijinta ta ce ƙazanta ce, don haka kwana huɗu tana dirje shi da soso da sabulun magani, har wurin ya fara tsattsafo jini. Shi kuwa yaron, kafin a fara dirzar, yana barcinsa lafiya lau.

Wannan barcin shi ne abin lura. Ɓawon kai irin wannan, wato amosanin jarirai, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yakan fito a watannin farko bayan haihuwa, lokacin da fatar kai ke fitar da maiƙo fiye da kima, sai matacciyar fata ta manne maimakon ta zube. Yawanci yakan tafi da kansa kafin yaro ya cika shekara.

Abin da muka yi wa yaron nan ba shi da yawa. Mun bari ƙujewar ta warke tukuna. Daga nan, da dare uwar takan shafa basilin marar ƙamshi a kan ɓawon ya kwana, da safe ta bi a hankali da buroshi mai laushi na jarirai, sannan ta wanke da sabulun jarirai ta ɗauraye sosai, domin man da aka bari ya taru yakan ƙara ɓawon. Ta ji tsoron taɓa maɗiga, kamar yadda iyaye mata da yawa ke ji, amma akwai fata mai ƙwari a wurin, shafa a hankali ba ya cutarwa. Abin da bai fita yau ba a bar shi sai gobe. Kada a sa farce, domin ɓanɓara ce ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Idan ɗan gashi ya biyo ɓawon, zai sake tsirowa.

Kirci kuwa wata magana ce. Shi fata ce ta kasa riƙe danshi, sai ta bushe, ta yi kaushi, ta dinga ƙaiƙayi. A jarirai ya fi fara bayyana a kumatu da goshi, sannan bayan hannu da ƙafa, kuma sau da yawa wurin da kunzugu ke rufewa yakan tsira. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba: wurin yakan yi duhu, ko toka-toka, ko ƙananan ƙuraje. Jariri bai iya susa ba, sai ka ga yana goga fuska a zanin goyo ko ƙirjin uwa, dare ya yi ya hana kowa barci. Yakan bi gida, musamman inda ake da asma.

A nan ne wankanmu na al'ada ke yin ɓarna. Ruwan da mai jego ke jurewa bai dace da jariri ba. Ruwa mai zafi da sabulu mai kumfa suna wanke ɗan man da ke kare fatar, iskar hunturu ta ƙarasa sauran. A gwada ruwan da gwiwar hannu, ya zama ɗumi kawai, wankan kada ya wuce minti 5 zuwa 10, a ajiye soso. A tsane jiki da tawul ba tare da gogawa ba, a shafa mai nan take tun fatar na da danshi, a maimaita aƙalla sau biyu a rana, ko da wurin ya lafa. Basilin ko man kaɗanya mai tsabta sun isa. A guji man gyaɗa da duk mai mai turare, a kuma sa rigar auduga a ƙarƙashin rigar sanyi, a yanke farce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kirim ɗin nan da ake saya a kemis a haɗa da man shafawar jariri. Da yawansu na ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin su kulobetasol. Kwana biyu wurin ya yi sumul, uwa ta yi murna, amma fatar jariri siririya ce, tana tsotse maganin zuwa cikin jiki, ta ƙara sirancewa, kuma da an daina sai kircin ya dawo da ƙarfi. Idan ana bukatar magani, likita ne zai rubuta mai sauƙi, ya faɗi kwanakin shafawa.

A garzaya asibiti idan wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo kalar zuma, ko ƙuraje masu ruwa suka feso a tare, ko jikin yaron ya yi zafi, ko ya ƙi nono. Idan kuma mutanen gida ma suna susa da dare, a faɗa wa likita, domin ƙazuwa takan yi kama da kirci, ita kuwa sai an yi wa kowa magani a lokaci guda.