Ina Aka Ɗauki Wannan Hoton?

Malami ya shigo aji da hoto guda ɗaya, ya rufe shi da takardu huɗu, ya manna a allo. Ya cire takarda ta farko, sai ga bangon ƙasa da zanen dagi a jikinsa, da zanko a saman soro. Kafin ya buɗe baki rabin ajin ya ɗauka: "Kano! Kano ce, Malam!" Abin da malamin zai faɗa a daidai nan shi ne ƙashin bayan wasan. Ba zai ce an ci ba, ba zai ce an faɗi ba, tambaya ɗaya zai yi: "Me ka gani da ya sa ka ce Kano?"

Masu wayar zamani sun san irin wannan wasa a GeoGuessr, wanda wani ɗan Suwidin mai suna Anton Wallén ya ƙirƙiro a 2013, inda ake jefa mutum a kan wani titi a duniya ya lalubo inda yake. Na aji bai buƙatar intanet ko lantarki. Hoto uku da aka buga a takarda, alli, da taswirar Afirka ta Yamma sun ishi darasin minti arba'in. Idan ɗalibai sittin ne, sai a kasa su rukuni goma, kowane rukuni da marubucinsa. A allo kuma a ja layi a yi gida uku: abin da muka gani, abin da yake nunawa, da wuraren da ya kore.

Gida na ukun ne yara ba su saba da shi ba. A hoton nan, bangon ƙasa da zanko sun kore Legas da Fatakwal, sun kawo mu ƙasar Hausa. Amma ba su raba Kano da Zariya ba, ba su raba Katsina da Daura ba, domin magina sun yi irin wannan aiki a duk waɗannan birane. Yaron da ya gane cewa hujjarsa ta kai shi yanki ne kawai, ba ta kai shi gari ba, ya riga ya sami abin da aka shirya darasin dominsa.

Sai a cire takarda ta biyu. Ga sama ta yi fari fat da hazo, ga kuka a bayan gida ba ganye ko ɗaya. Wannan bai faɗi gari ba, amma ya faɗi lokaci: hunturu ne, wajen Disamba ko Janairu. Ɗalibi mai lura zai ƙara da cewa kuka itaciyar busasshiyar ƙasa ce, ba a ganin ta cikin kurmin kudu inda kwakwar manja take.

Takarda ta uku ta buɗe titi, motoci na bin hannun dama. Nan wasu za su yi murna sun sami shaida, alhali ba ta da nauyi sosai. Nijeriya ta koma tuƙin dama a 1972, Gana a 1974, Nijar kuwa da ma a dama take. Shaidar ta kore Kenya da Afirka ta Kudu, amma ta bar maƙwabta duka a cikin lissafi. Yana da kyau malami ya bar yara su rubuta ta, sannan su gano da kansu cewa ba ta rage musu komai ba.

Ta huɗu ce ke warware zance: allon wani kanti da rubutun Faransanci, da farashi a sefa. Ginin Hausa, yanayin Sahel, harshen Faransa, ka ga an tsallaka iyaka zuwa Nijar. Saura Maraɗi, Tawa ko Damagaram. Rukunin da ya ce Damagaram saboda tsohuwar unguwar Birni, wadda ta yi suna da gidajen ƙasa masu ado a bango, ya kawo hujja mai ƙarfi. A nan malami zai nuna Zinder a taswira, kimanin kilomita 240 arewa da Kano, ya gaya musu cewa ita ce hedikwatar Nijar a zamanin mulkin Faransa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Waɗanda suka yi ihun Kano ba shirme suka yi ba, sun dai yi gaggawa ne.

Yadda ake ba da maki shi ke sa wasan ya gyaru ko ya lalace. Idan sunan gari ne ke da maki mafi yawa, ajin zai koma wurin canki-canki, mai babbar murya ya cinye. Abin da ya fi shi ne a ba da maki ɗaya ga duk abin da aka gani a hoton da gaske, maki biyu ga bayanin da ya haɗa shi da wuri, sannan maki ɗaya tak ga sunan garin. Da wannan tsari, rukunin da ya ce Maraɗi da hujjoji huɗu masu kyau zai doke wanda ya dace da Damagaram ba dalili. Yara za su yi ƙorafi a ranar farko, kuma bai kamata malami ya janye ba.

Zaɓen hoto ma na da nasa sharaɗi. Dutsen Zuma yana jikin takardar naira ɗari, don haka wanda ya gane shi tunawa ya yi, bai yi nazari ba. Sanannen wuri yana amfani ne idan yana da abokin kama. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da itatuwa a soke a jikinta, takan sa a ce Tambutu ko Jenne ta Mali, kuma gardamar da za ta biyo baya a kan siffar ginin ta fi amsar daɗi. A kuma yanke duk rubutun da ke ƙasan hoto, a duba kada sunan garin ya fito a wani allo a gefe.

Akwai shaidun da ke yaudara, kuma ya dace a saka su da gangan bayan yara sun ƙware. Mota mai lambar Kano tana iya kasancewa a kasuwar Damagaram, tun da mota tafiya take yi. Dutse da itace da gini su ne ba sa motsi. Hoton da aka ɗauka da kyamarar gaba ta waya yakan juye, dama ta koma hagu, ana kuma gane shi idan rubutun da ke ciki ya karkace kamar a madubi. Inuwa ita ma sai da kwanan wata. A Kano, inuwar tsakar rana tana faɗuwa arewa a watan Disamba, amma a watan Yuni kudu take karkata, domin a lokacin rana tana arewa da garin. Wanda ya ce inuwa ta nuna masa arewa, a tambaye shi wane wata ne.

Hotunan mutane a gidajensu a bar su, musamman na yara, titi da kasuwa da gona sun wadatar. Bayan mako biyu ko uku sai a juya wasan: kowane rukuni ya kawo hoto daga unguwarsu ko garin kakanninsu, su rubuta shaidu huɗu a bayansa tun daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, su yanke shawarar wane ɓangare za a fara buɗewa, sannan su tsaya gaban allo su karɓi tambayoyin 'yan ajinsu.