Ciyar da yara 40 a ziyarar makaranta: rabon gida ya fi na fili

A ce wata firamare a Kano ta ɗebi ɗalibai 40 zuwa Daura don su ga rijiyar Kusugu, wadda suka sha jin labarinta a aji. Tafiyar ta Kazaure ce, kusan awa biyu. Mota ta samu, iyaye sun amince, saura abinci, kuma a nan ne ake yawan samun tangarɗa. Idan aka tafi da babbar kula da ludayi ɗaya, kowane yaro ya ci minti guda a layi, kafin na ƙarshe ya karɓa an shafe minti 40. Na farko ya cinye har ya fara guje-guje, na baya kuwa yunwa ta sa shi kuka. Maganin wannan shi ne a gama rabo tun daga gida.

Da farko a gyara lissafi. Ba baki 40 za a ciyar ba, akwai malamai da direbobi, kuma ba a rasa yaron da zai kifar da nasa. Saboda haka a yi na mutum 50. Giram 100 na ɗanyar shinkafa ya ishi ɗan firamare, wato kilo 5 ke nan gaba ɗaya. A sa mai shago ya ɗora a sikeli, domin mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Dafa-duka ta fi dacewa, domin ba ta bukatar miya, balle ta zube a mota ko ta ɓata kayan makaranta. A dafa ta washar-washar, a rage mai da yaji. A haɗa wa kowa da dafaffen ƙwai ɗaya, amma a bar shi da ɓawonsa, ya fi jure hanya. Ƙwai 50 bai cika kiret biyu ba. Alala da kunun aya da kwaɗon ganye kuwa a bar su a gida, don ba su da haƙuri da zafin rana, nan da nan suke lalacewa.

Inda aka fi yin sake shi ne lokaci. Ƙwayoyin cuta na yaɗuwa da sauri a abincin da ya zama ɗumi-ɗumi, wato zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60. Shinkafa ma tana da nata haɗarin: wata ƙwayar cuta da ke cikinta ba ta mutuwa a dahuwa, idan abincin ya huce ya daɗe a ajiye sai ta fitar da gubar da ke sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Hanci ma ba ya gane ta. Don haka kada a dafa tun daren jiya. A sauke da ƙarfe 7 na safe, a zuba wa kowa nasa a robar abinci mai murfi tun tana tururi, a ɗaura cokali a kai da kyauro. Kafin nan an ɗauraye kula da tafasasshen ruwa don ta ɗauki zafi. A jera robobin dam, a toshe gurbin da ya rage da tsaftataccen tawul, a rufe, kada a sake buɗewa sai an zo ci. Ƙarfe 11 a ci, ko da ba a gama zagaye ba. Idan an buɗe aka tarar shinkafar ta yi sanyi ko tana yauƙi, gara asarar kuɗi da kwanan asibiti.

Wajen rabo, a kasa yaran gida huɗu, goma-goma, kowane rukuni da malaminsa, da butarsa da sabulu. Yara su wanke hannu, su zauna a tabarma cikin inuwa, malami ya bi su yana miƙawa. Cikin minti goma kowa ya samu. Buhu ɗaya a gefe ya ishi zuba shara.

Ruwa kuma a ware wa kowa leda uku, 150 ke nan. Tunda jaka na ɗauke da guda 20, a sayi takwas. A daskarar da rabi tun dare, zuwa azahar ya narke ya yi daɗin sha. Don dawowa da la'asar, busasshen abu kamar cincin ko biskit da ayaba ɗaya ya wadatar, ba a ba yara ragowar shinkafar safe.

Kafin ranar tafiya, a tambayi iyaye ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar ƙwai ko gyaɗa, da masu ciwon sikila, waɗanda dole a riƙa ba su ruwa a kai a kai. Malam, ka rubuta sunayensu a takarda ka sa a aljihu, domin yaran nan amana ce a hannunka har ka mayar da su gida.