Raba gari da mai ɗaukar nauyi ba tare da an zubar da mutunci ba

A ce wani dilan taki da maganin feshi a kasuwar Rogo ya ɗauki nauyin shirin manoma a wani gidan rediyo na Kano, zango guda na mako goma sha uku. Bayan mako takwas sai ya ga ciniki bai motsa ba, shi kuma mai gabatarwa yana ƙorafin ba a biya shi kuɗin mako biyu ba. Kowa ya gaji da kowa. A nan ne aka fi yin ɓarna, domin Alhaji, wato dilan, zai faɗa wa abokan zamansa cewa shirin ba mai saurarensa, mai gabatarwa kuma ya yi habaici a iska game da masu cin bashi. Kafin kasuwa ta sake ci, manoma daga Rogo har Ƙaraye sun fara tambayar ko takin ne ba shi da kyau.

Maganin wannan shi ne a yi takarda biyu, kada a haɗa su. Ta farko ta sirri ce, tsakanin su biyu da shaidu. A cikinta ake rubuta dalili ɓaro-ɓaro, da ranar da za a daina saka tallar, da sauran kuɗi da ranar biyansu. A rubuta kuma yaushe za a sauke allon talla da fosta mai hoton mai gabatarwa, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya tallata kayan abokin hamayya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ake yawan mantawa. A 2013, lokacin da aka fara ba mutane damar sauya layin waya ba tare da sauya lamba ba, ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, ya bayyana a tallar MTN yana rawar murnar sauya sheƙa, alhali jama'a sun saba ganinsa a tallar Etisalat. Ba a zagi kowa ba, amma duk wanda ya kalla ya gane saƙon. In mai gabatarwar nan ya wayi gari yana yabon takin shagon da ke kallon na Alhaji, haka manoma za su fassara shi.

Takarda ta biyu ita ce ta jama'a, kuma gajeruwa ce. Misali: “Daga ƙarshen wannan wata, Alhaji ya kammala ɗaukar nauyin wannan shiri. Muna masa godiya bisa makonnin da muka yi tare, muna roƙon Allah Ya ƙara buɗi. Shiri zai ci gaba a lokacin da aka saba.” A lura, an ce “ya kammala”, ba a ce “ya janye” ko “mun dakatar da shi” ba, don waɗannan suna nuna akwai mai laifi. Ba a kawo dalili ba, ba a kuma ƙirƙiro na ƙarya ba. Masu cewa “saboda wasu dalilai da ba za mu bayyana ba” su ma sun ɓata rawarsu da tsalle, domin sun gayyaci kowa ya yi hasashe. Dole ɓangarorin biyu su ga rubutun kafin ya fita, su fitar da shi rana ɗaya, kuma bayan an biya bashi. Wanda ake riƙe wa kuɗi ba ya iya riƙe bakinsa.

Irin wannan rabuwar ce ɗan wasan golf Tiger Woods da kamfanin Nike suka yi a watan Janairun 2024, bayan shekara 27 tare: kowa ya fitar da saƙon godiya a rana guda, babu wanda ya ɗora wa wani laifi.

Sai dai lallashin yana da iyaka. A watan Oktoban 2022 Adidas ya raba gari da mawaƙi Kanye West, ya kuma fito fili ya ce kalamansa na ƙin jinin Yahudawa ne dalili, saboda abin ya riga ya faru a idon duniya. Haka nan in mai gabatarwa ya tabbatar maganin feshin jabu ne, yin shiru cin amanar manoman da suka saya saboda muryarsa ne. Ya faɗi abin da yake da hujja a kai kawai, cewa ya daina tallata kaza daga rana kaza, ya kai sauran ƙorafin ga hukuma irin su NAFDAC. Kiran mutum ɗan damfara a rediyo ko a WhatsApp ba tare da hujja ba ɓata suna ne, kuma laifi ne a dokar final kod da ake aiki da ita a Kano.

Don haka mai karatu, in za ka ɗauki nauyin shiri ko gasar ƙwallon unguwa, ka nemi a rubuta yadda za a rabu tun ranar da ake ƙulla yarjejeniyar, lokacin da kowa ke cikin fara'a.