Lambu a Tsakar Gida: Alayyafo a Buhu da Bokiti

Yawancin masu fara shuka a tsakar gida tumatir suke zaɓa, domin shi ne mai tsada a kasuwa. Ni kuwa ina ganin mai son ya sayar wa maƙwabta ya fara da alayyafo. Tumatir yana cinye bokiti guda shi kaɗai, sai ya haura wata biyu kafin ya nuna, kuma da zafin Maris da Afrilu ya kankama furensa zubewa yake yi. Alayyafo kuwa sati uku zuwa huɗu ka fara yanka. Ga shi ganye ne mai saurin yaushi, wanda aka ɗauko daga Kasuwar 'Yankaba da safe kafin la'asar ya laƙwashe. A nan ne na gida yake da kasuwa.

Aikin duk yana cikin ƙasar. Ka sami tsohon buhun shinkafa ka naɗe bakinsa ya dawo rabi, ko bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke tas. Ka huda gindin bokitin da ƙusa mai zafi wuri shida ko takwas. Sai ka haɗa ƙasa kwano biyu, taki kwano ɗaya, rairayi kwano ɗaya, ka yi ta maimaitawa har mazubin ya kusa cika. Dole takin ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka a cuɗa shi da rairayi kafin a barbaɗa. Idan ya tsiro a tsuge, a bar tazarar faɗin tafin hannu. A ajiye mazubin inda rana take kaiwa awa shida, a kuma kare shi daga kaji da awaki.

Ruwa ne ke ruɗar mutane. Ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, sai a ɗauka ƙishi ne a ƙara kwarara masa. Ka tura yatsa cikin ƙasar tukuna. Idan ta caɓe tana ɗan wari, ruwa ne ya kwanta, saiwa na ruɓewa, sai a buɗe hudojin a ɗaga ƙafa da bayi. Idan danshinta daidai ne, yunwar taki ce. Ruwan wanki mai omo kuwa kada a kusanto da shi, gishirinsa taruwa yake yi a mazubi.

Wajen yanka kada a tuge. A yanke a bar kamar taƙi ɗaya, zai sake toho cikin sati biyu, har sau uku ko huɗu kafin ya yi fure ganyen ya ƙanƙance. Mai buhu takwas ya riƙa shuka biyu kowane sati, ta yadda duk ranar da maƙwabciya ta aiko yaro da cefanen miyar taushe akwai abin yanka. Kuɗin ba zai riƙe gida ba, amma zai mai da na iri da taki, ya kuma sayi sabon buhu, domin rana tana cinye buhu cikin 'yan watanni.