Adana ɗanyen kara a rami domin rani

A Tudun Wadan Zariya, da Fabrairu ya kama, mai turken shanu kan rasa abin ba su sai busasshen kara. Ramin adana ɗanyen kara na rage wannan wahala.

Ana yankan masara da zangarniyarta lokacin da ƙwayar ta fara tauri, a daddatse ƙanana kamar gaɓar yatsa. A haƙa rami a kan tudu, a shimfiɗa leda, a riƙa zubawa ana tattakewa sosai, domin iska ce ke ruɓar da shi. Sai a rufe da leda, a danne da ƙasa.

Bayan mako shida ya nuna. Mai kyau yana ƙamshin tsami, launinsa kore mai ratsin rawaya. Wanda ya yi baƙi ko fumfuna, a zubar.