Daren da Hannu Ya Zama Janareta

Ana idar da sallar magariba aka ɗauke wuta. Ƙanwata, wadda ke aji biyar a sakandare, ta rufe littafin fiziks da tsaki. Gobe akwai gwaji, ga shi mako biyu ke nan tana haddace dokar Faraday ba tare da ta zauna mata a kai ba.

Na lalubo mata wani ɗan dinamo na hannu da ke cikin akwatin kayan aikina. Jikinsa roba ce garau, ana hango cikinsa: maganaɗisu a tsakiya, naɗin siririyar wayar jan ƙarfe a gefensa, sai ƙwai ƙarami a kan wayoyi biyu. Babu batir ko ɗaya.

Ta murza a hankali, ƙwan ya yi ja kamar garwashin da toka ta rufe. Ta ƙara sauri, ɗakin ya haskaka har muna ganin zanen tabarma. Ta tsaya, duhu ya dawo nan take.

"Yaya, ai maganaɗisun yana nan ciki. Me ya kashe wutar?"

Na yi shiru, don tambayar ita ce darasin. Ta sake murzawa, ta sake tsayawa, sannan ta ce, "Ashe ba zamansa ke kawo wuta ba, juyawarsa ce."

Abin da Michael Faraday ya gano ke nan a 1831, wanda ake kira indokshin. Wuta tana tasowa a naɗin waya ne kawai idan ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin yana canzawa. Saurin canjin da yawan naɗin su ke yanke ƙarfinta. Idan murzawa biyu a daƙiƙa ta ba da bolt 3, huɗu za ta ba da kusan 6. Shi ya sa garaje ke iya ƙona ƙaramin ƙwai.

Sai na cire waya ɗaya daga ƙwan. Mariƙin ya yi sakayau a hannunta. Na haɗa bakin wayoyin biyu da juna, ya yi tauri kamar mai tuƙa tuwon da ya kusa nuna.

"Wa ke riƙe shi?"

Wutar da ta tayar ce. Da zarar ta sami hanyar gudana, naɗin kansa yana zama maganaɗisu, ya yi gāba da juyin da ya haife shi. Wannan ita ce dokar Lenz ta 1834, kuma a ganina ba a fahimtarta a kan allo, sai a damtse. Haka ma ake gwada dinamo irin wannan: in ka haɗa wayoyin mariƙi bai yi nauyi ba, to waya ta tsinke a wani wuri.

Ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaya ko shi ya sa janaretan maƙwabta ke nishi in an kunna dutsen guga. Na ce shi ne, kuma a Kainji ruwan Kwara ke yin aikin da hannunta ke yi.

Ta miƙo mini dinamon. "Murza mini, Yaya, zan rubuta."